Cunkoso a Mahaɗar Tituna da Lissafin Lokacin Fita Daga Gida

 



An nemi in yi magana a kan abin da ke haifar da gosulo a wasu mahaɗun tituna, da yadda masu zuwa aiki da kasuwa da makaranta ke tsara lokacin fitarsu saboda shi. Zan tsaya a kan birnin Kano, kuma maganata guda ɗaya ce: cunkoso ragowa ce da ke taruwa. Duk minti ɗin da motocin da suka iso mahaɗa suka fi waɗanda ta iya sallama, sauran suna nan suna jira, na minti na gaba su zo su hau kansu. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa jinkirin minti takwas a gida kan zama lattin minti goma sha uku a ofis.

Me ya sa sai a mahaɗa?

Mu fara da fasalin garin. Manyan hanyoyin da ke shigowa Kano, wato titin Zariya da na Katsina da na Gwarzo da na Haɗeja da na Maiduguri, duk tsakiyar gari suka nufa. A tsakiyar nan ne Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari suke, da bankuna da ma'aikatu da manyan asibitoci. Mutane kuwa sun yi gidaje a Kurna da Rijiyar Lemo da Hotoro da Na'ibawa da Rijiyar Zaki da gaba da nan. Da safe kowa ya fuskanci ciki, da yamma kowa ya fuskanci waje, kuma dole a ratsa ta 'yan wurare ƙalilan inda hanyoyin suka gamu.

A miƙaƙƙen titi, idan motoci suna bin juna ba tangarɗa, kusan duk daƙiƙa biyu mota ɗaya ke wucewa a kowane sahu. Wannan ya kama ƙananan motoci kamar 1,800 a awa ɗaya, kuma adadin da injiniyoyin hanya ke aiki da shi bai yi nisa da haka ba. Amma a mahaɗa fili ɗaya ne hanyoyi huɗu suke rabawa. Kafin na gabas su wuce sai na kudu sun tsaya. Titin da yake da awa guda cur a baya, da ya iso nan sai ya koma yana da rubu'inta ko abin da ya ɗara kaɗan. Faɗin kwalta bai canza ba, lokaci ne ya ragu.

Sannan akwai yawan wuraren da hanyar wata mota ke gittawa ko haɗewa ko rabuwa da ta wata. A mahaɗa mai ƙafa huɗu irin waɗannan wurare 32 ne. A mai ƙafa uku 9 ne kawai. A shataletale mai sahu ɗaya kuwa 8 ne. Mafi wahala a cikinsu ita ce kwanar hagu. Tun 1972 a hannun dama ake tuƙi a Nijeriya, saboda haka mai yin hagu sai ya ratsa gaban masu tahowa. Zai tsaya a sahun ciki yana jiran sarari, duk wanda ke bayansa ya tsaya tare da shi ko da miƙewa zai yi. Wannan ne ya sa ake toshe tsakiyar wasu mahaɗu a tura mutane su yi kwana a can gaba.

Lissafin wata mahaɗa

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce ga mahaɗa mai danja, kuma danjar tana kammala zagayenta a minti biyu. A cikin wannan zagaye, ɓangaren masu shiga gari yana samun daƙiƙa 30 na wucewa. Sauran lokacin na sauran ɓangarori ne, ban da 'yan daƙiƙun da ke salwanta duk sanda aka sauya hannu, kafin na gaba ya sa giya ya tashi, kafin kuma na ƙarshe ya fice daga tsakiya.

A daƙiƙa 30, mota 15 ke wucewa a sahu ɗaya. Zagaye 30 ake yi a awa, ke nan mota 450. Idan sahu biyu ne, 900. Wannan shi ne iyakar ƙarfin wannan ɓangare: mota 900 a awa, wato 15 a minti.

Kafin ƙarfe bakwai motocin da ke isowa ba su kai haka ba, don haka duk wanda ya tsaya a ja zai wuce a koren farko. Daga bakwai zuwa takwas sai masu isowa su zama 1,080 a awa, wato 18 a minti. Bambancin mota uku ne kacal a minti, abin da ido ba zai ma lura da shi ba a farko. Amma da bakwai da rabi ragowar ta kai 90, da ƙarfe takwas ta kai 180. Idan aka raba su sahu biyu, kowace mota da tazararta ta ci mita bakwai, layin ya haura mita 600. Wanda ya iso wutsiyarsa da ƙarfe takwas zai yi minti 12 kafin ya kai bakin danja.

Ku lura da abin da ke biyo baya. Bayan takwas masu isowa sun ragu zuwa 720 a awa. Mutum zai zaci hanya ta buɗe, amma layin yana nan, domin sararin da mahaɗar ta samu na rage shi 180 ne kawai a awa. Sai ƙarfe tara zai ƙare. Kamar bashi ne: abin da aka ci a awa ɗaya sai an ɗauki wata awa ana biya, kuma wanda ya zo daga baya shi ke biyan abin da na gaba suka bari. Shi ya sa jira mafi tsawo yake faɗowa a ƙarshen lokacin tururuwa, sanda motocin da ke isowa suka riga suka fara raguwa.

Abin da ke cinye ƙarfin mahaɗa

Wancan lissafi na rana mai kyau ne, ranar da sahu biyun suke aiki. Yanzu mu shigo da abin da muke gani kullum. Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, adaidaita sahu ya zama abin hawan yawancin jama'a. Mai adaidaita yana da balas da zai kai da yamma, fasinja kuwa a bakin mahaɗa yake tsayawa, don nan ne hanyoyi suka haɗu. Saboda haka a daidai wurin da ya fi ko'ina tsada a titin ake lodi, ake saukewa, ake neman canji. Ga mai tebur ya ci gefen kwalta, ga masu tafiya a ƙasa sun sauko titi saboda an tare musu hanya.

A ce wannan ya toshe sahun gefe rabin lokacin da aka ba da hannu. Sahun ciki yana sallamar 450, na gefe ya koma 225, jimla 675. Masu isowa suna nan a 1,080. Ragowar da take 180 a awa ta zama 405. Ƙarfin mahaɗar kashi ɗaya cikin huɗu ya ragu, amma jiran wanda ya iso da takwas ya tashi daga minti 12 zuwa 36, layin kuma ya doshi kilomita ɗaya da rabi. Abin da ya fi wannan muni shi ne, 720 ɗin da ke isowa bayan takwas sun fi 675, don haka layin ba zai fara raguwa ba sam sai can da hantsi. A irin wannan rana ce za ka ji ana tambaya ko haɗari aka yi a gaba, a ƙarasa a tarar ba komai.

Tirela ko tifa mai lodi tana yin irin wannan ɓarna ta wata fuska. Tana cin wurin ƙananan motoci da yawa, kuma tana da nawar tashi, ta yadda idan ita ce a gaba rabin koren zai ƙare kafin ta fice. Rami a bakin mahaɗa ko ruwan da ya kwanta bayan an yi sama yana sa kowa ya taka birki, tazarar daƙiƙa biyu ta koma uku. Wannan kaɗai ya mayar da 900 zuwa 600.

Mataki na ƙarshe shi ne kullewa. Idan layi ya yi tsawo haƙuri yakan ƙare. Wani ya kutsa tsakiyar mahaɗa alhali gabansa ba sarari, sai hannu ya sauya yana nan a gicciye. Wasu su fita su bi wan-we, su tare hanyar da motocin ɗaya ɓangaren za su fice ta cikinta. Daga nan ba wanda ke motsi, ko da danja tana nuna kore. A shataletale ma haka ne. Ƙa'idarsa ita ce mai shigowa ya jira wanda ke ciki, dokar da Birtaniya ta wajabta a 1966 bayan ta sha fama da shataletalen da ke kullewa. Muddin na ciki suna fita, wuri yana samuwa. Ranar da masu shigowa suka rinjayi na ciki, da'irar ta cika, kowa ya zama shi ne ya tare wani. Sauri ya haifi nawa.

Akwai alamomi da mutum zai iya karantawa daga kujerarsa. Idan ka wuce a koren farko, mahaɗar tana da sauran ƙarfi. Idan sai a na biyu ko na uku, ragowa ta fara taruwa, kuma wanda ke bayanka da minti goma zai fi ka daɗewa. Idan kuwa aka ba ku hannu amma na gaba bai motsa ba, matsalar ba a wannan mahaɗa take ba. Layin wata mahaɗa ce ta gaba ya dawo ya toshe mafita, kuma ƙara wa ɓangarenku lokaci ba zai amfana komai ba.

Yadda ake lissafin lokacin fita

Yanzu mu koma ga mai tafiya. A ɗauka ma'aikaci ne da ake so ya sa hannu a rajista da ƙarfe takwas. Daga gidansa zuwa waccan mahaɗa minti 10 ne, daga mahaɗar zuwa ofis minti 20. Yawancinmu daga ƙofar gida muke fara lissafi, mu ce tafiyar rabin awa ce, mu ƙara ɗan wani abu. Daidai shi ne a fara daga ofis a dawo baya. Dole ya kasance ya fice daga mahaɗar da 7:40. Tambayar ita ce, ƙarfe nawa zai iso wutsiyar layi?

A rana mai kyau, kowane minti biyar bayan bakwai yana ƙara minti ɗaya na jira. Idan ya iso da 7:33 zai jira kamar minti bakwai, ya fice da 7:40. Ke nan ya bar gida da 7:23. A ranar da sahun gefe ya toshe, kowane minti biyar yana ƙara minti uku. Wanda ya iso da 7:15 zai fice da 7:24, na 7:30 zai fice da 7:48, na 7:45 sai 8:12. Don ya fice da 7:40 sai ya iso da 7:25, wato ya bar gida da 7:15.

Tsakanin 7:15 da 7:23 minti takwas ne. Idan ya zaɓi 7:23 ya faɗa a mummunar rana, zai jira minti 20, ya isa ofis da 8:13. Idan ya zaɓi 7:15 ranar ta zo da kyau, zai isa da 7:50, ya zauna minti goma yana jiran a fara aiki. Wanne ya fi? A 1982 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Kenneth Small, ya nazarci yadda ma'aikata ke zaɓar lokacin zuwa aiki, ya gano cewa minti ɗaya na latti yana yi musu ciwo kusan ninki huɗu na minti ɗaya na zuwa da wuri. Idan muka auna da wannan, lattin minti 13 daidai yake da zaman jiran minti 52. Ko da sau ɗaya a mako mummunar ranar ke zuwa, sauran kwana huɗun minti 40 kawai zai yi asara. Fita da 7:15 ta fi riba. Wanda ake rufe wa ƙofar makarantar yara, ko mai jarrabawa, ko mai zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, nasa ma'aunin ya fi haka tsanani.

Saboda haka mai lura ba ya tsara fitarsa da matsakaiciyar rana. Masu auna hanyoyi sukan duba rana mafi muni a cikin ranakun aiki ashirin, wato kamar sau ɗaya a wata, su ce wanda ke son ya riƙa isa a kan lokaci da ita zai yi shiri. Kowa zai iya yin nasa awon. Ka yi mako biyu ko uku kana rubuta abu biyu: lokacin da ka iso wutsiyar layi, da lokacin da ka fice. Za ka ga akwai wani ɗan tsakani da in ka riga shi kusan ba ka jira, in ka wuce shi jiran ya riƙa hauhawa. Wannan lokacin shi ne abin riƙewa, ya fi sanin nisan tafiyar amfani.

Kuma kowace rana da halinta. Safiyar Litinin ba ɗaya take da ta Asabar ba, lokacin hutun makarantu kuma layin yakan yi sauƙi ƙwarai. Ranar Juma'a hanyoyin da ke kusa da manyan masallatai sukan rufe tun kafin a tayar da salla, sannan a saki jama'a gaba ɗaya bayan an idar. Da yamma, tashin ma'aikata yana haɗuwa da tashin Kwari da Singa da Sabon Gari, kowa yana so magariba ta same shi a gida. A watan azumi wannan ya fi tsanani, domin lokacin buɗa-baki ɗaya ne ga kowa. Mai fita da yamma zaɓi biyu gare shi: ya tashi da zarar an yi la'asar, ko ya yi magariba a inda yake sannan ya kama hanya. Tsakaninsu ne mafi tsada.

Idan kowa ya yi sammako fa?

A nan akwai iyaka da ya kamata in faɗa. Dabarar fita da wuri tana aiki ne saboda ba kowa ke yinta ba. Idan kowa ya matso da minti takwas, layin ma zai matso da minti takwas. Hausawa sun ce in kana taƙamar sammako, wani a tafe ya kwana. William Vickrey na Jami'ar Columbia, wanda ya sami lambar Nobel a 1996, ya bayyana wannan tun 1969. Ya nuna cewa mutane za su yi ta matsar da lokacinsu har a kai inda ba wanda zai ƙaru da sauyawa: mai zuwa da wuri ya biya da barcinsa da zaman jira a wurin aiki, mai son isa daidai lokaci ya biya da zama a layi.

Mu koma ga alƙalumanmu. Mota 1,080 da 720 sun zama 1,800, kuma mahaɗa mai sallamar 900 a awa tana buƙatar awa biyu ta wuce da su, ko ta yaya suka zo. Da za su iso 15 a kowane minti daga bakwai zuwa tara, da duk sun wuce ba tare da layi ya taru ba. Yadda suke zuwa a dunƙule kuwa, idan aka tara jiran kowa, awa 180 ke salwanta kowace safiya a ɓangare ɗaya na mahaɗa ɗaya, ban da man da ake ƙonawa a tsaye. Motocin ba su yi wa hanyar yawa ba, lokacin zuwansu ne ya haɗu.

Gadar sama da ta ƙasa, irin na Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro da Kabuga, suna magance abu na gaske, domin suna cire masu miƙewa daga rabon lokaci. Amma motocin da gada ta saki da sauri a mahaɗa ta gaba za su sauka, kuma idan ita ba a ƙara mata ƙarfi ba layin can zai koma. Sannan idan hanya ta yi sauƙi, wanda da yake fita da shida da rabi zai koma bakwai, wanda yake zagayawa ta lungu zai dawo babban titi. Anthony Downs ya yi bayanin wannan a 1962 game da manyan titunan biranen Amurka. Gada tana ƙara yawan waɗanda za su wuce a lokacin da suke so, amma ba ta kawar da tururuwar safe.

Kira

Ga hukumomi da ƙungiyoyin sufuri: a matsar da wurin lodi da saukewa ya yi nisa da bakin mahaɗa, kafinta da bayanta, a yi masa gurbi a gefe. A misalinmu wannan kaɗai ya dawo da jira daga minti 36 zuwa 12, ba tare da an zuba siminti ba. Jami'in Karota ko ɗan sandan da zai binciki mota ya bari ta fice ta yi gaba kafin ya tsayar da ita. A cike ramukan bakin mahaɗa kafin na ko'ina, a yashe magudanansu kafin damina, a kuma ware wa manyan motoci lokacin shiga gari.

Ga shugabannin makarantu da ma'aikatu da kamfanoni: idan wasu suka fara da bakwai da rabi, wasu da takwas, wasu da takwas da rabi, titi ɗaya zai ɗauki kowa.

Ga direbobi da masu adaidaita sahu: kada ka shiga tsakiyar mahaɗa sai ka ga inda za ka fita, kuma kada ka bi wan-we ko da na gabanka ya bi. Ga fasinja: ka taka 'yan sawu ka bar bakin danja kafin ka tsayar da abin hawa. Ga kowa da kowa: ka san lokacin da layin hanyarka ke fara taruwa, ka tsara fitarka daga can.

 Allah ya kai kowa gidansa lafiya, ya kiyaye mu a hanyoyinmu.